Bit Goma A Kan Zaren Waya Ɗaya: Yadda Ake Gina Mai Aika Saƙon UART A Cikin FPGA

Kusan kowane harafin boko da ka latsa a kwamfuta, a cikin cikinta lamba ce mai alamomi takwas, kuma kowace alama ko dai 0 ce ko 1. Alama ɗaya ita ake kira bit, takwas a haɗe kuma bayit. In ana so a kai bayit ɗaya daga wata na'ura zuwa wata, ana iya jan zaren waya takwas, kowane bit ya bi nasa. Sai dai hakan yana cin wuri da kuɗi. Saboda haka aka fi son a jera su, su bi zare ɗaya, wannan na bin bayan wancan.

A nan matsala take tasowa. Zaren waya ba ya ɗauke da komai sai lantarki: ko ƙarfinsa yana sama, a karanta 1, ko yana ƙasa, a karanta 0. To in layin ya zauna a sama na ɗan lokaci, ta yaya mai karɓa zai san 1 guda ɗaya aka aiko masa, ko uku ne a jere? Ta yaya ma zai san an fara magana?

Tsarin UART amsa ce ga waɗannan tambayoyi biyu. Da shi ƙananan na'urorin GPS suke gaya wa kwamfuta inda suke, da shi ake loda shiri a kan allunan Arduino da yawa, kuma injiniyoyi suna leƙa cikin na'urorin raba intanet ta hanyarsa in sun ƙi tashi. Dabararsa ita ce ɓangarorin biyu su yi yarjejeniya tun da farko a kan tsawon lokacin da kowane bit zai zauna a layi, sannan kowa ya riƙe agogonsa. Ba wayar da ke kai bugun agogon wannan zuwa wancan. Don haka duk aikin mai aikawa ya tattaru a kan abu ɗaya, wato kiyaye lokaci.

Abin da ke tafiya a kan layi

Idan ba a aika komai, layin yana zaune a 1. Wannan gado ne daga zamanin tangaraho, lokacin da ake barin lantarki yana gudana a layin da ba a amfani da shi, don in waya ta tsinke a gane nan take.

Da mai aikawa ya tashi magana, sai ya saukar da layin zuwa 0 na tsawon bit ɗaya. Wannan shi ne bit na farawa. Ba ya ɗauke da saƙo. Faɗuwar nan daga 1 zuwa 0 ita ce ke tayar da mai karɓa, daga ita yake fara ƙidayar lokaci. Bayansa sai bit takwas na saƙon su biyo, kuma ana farawa ne da mafi ƙanƙantar daraja, wato na ƙarshen dama in an rubuta lambar a takarda. Daga ƙarshe sai a mayar da layin 1 na tsawon aƙalla bit ɗaya. Wannan ne bit na tsayawa. Gaba ɗaya bit goma ke nan don kai bayit guda. A kan allon kwamfuta ana rubuta wannan tsari da `8N1`: bit takwas na saƙo, babu bit na tantance kuskure, bit ɗaya na tsayawa.

Mu ɗauki babban harafin K. A jadawalin ASCII lambarsa 75 ce, da 0 da 1 kuma ana rubuta ta `01001011`. Tunda daga dama ake farawa, ga abin da zai bi layi:

```
0   1 1 0 1 0 0 1 0   1
```

Sifirin farko shi ne na farawa, takwas na tsakiya su ne K a juye, 1 na ƙarshe kuma na tsayawa.

Dubi bit na ƙarshe a cikin takwas ɗin: 0 ne. Haka yake ga dukkan haruffan ASCII, domin lambobinsu ba su wuce 127 ba. Wannan ya nuna amfanin bit na tsayawa. Da a ce babu shi, kuma wani harafi yana biye, sifirin ƙarshen K zai haɗe da sifirin farawa na harafi na gaba, layin ya ci gaba da zama a ƙasa, mai karɓa ya rasa faɗuwar da zai saita ƙidayarsa da ita. Bit na tsayawa yana tabbatar da cewa layin ya koma sama kafin kowace sabuwar farawa.

Me ya sa sai da matakai

FPGA guntun lantarki ne, irin abin da masu gyaran waya suke kira ayisi, amma wanda ba a yanke masa aiki daga masana'anta ba. A cikinsa akwai dubban ƙananan sassan yanke hukunci da ƙwayoyin ajiya masu riƙe bit ɗaya-ɗaya, mai shi ne yake faɗar yadda za a haɗa su. Kamfanin Xilinx ne ya fara fitar da irinsa kasuwa a 1985.

Wanda ya saba rubuta shirin kwamfuta zai yi tunanin aikin mai sauƙi ne: saukar da layi, jira, sa bit na farko, jira, har a gama. Amma FPGA ba ya karanta umarni layi bayan layi. Abin da aka rubuta masa da harshen Verilog ko VHDL bayani ne na yadda za a haɗa sassa, kuma dukkan sassan suna aiki a lokaci guda, duk sa'ad da agogon allon ya buga. Babu umarnin jira. A Verilog akwai alamar jinkiri irin `#100`, amma a gwajin kwaikwayo na cikin kwamfuta kawai take aiki. Manhajar da ke mayar da rubutu haɗin lantarki tana tsallake ta.

Tunda haka ne, dole da'irar ta riƙa tuna inda take a cikin aikinta. Danjar kan titi haka take yi: a kowane lokaci tana mataki ɗaya, ja ko rawaya ko kore, ta san fitilar da za ta kunna a matakin, ta kuma san sharaɗin da zai sa ta wuce zuwa na gaba. Na'ura mai matakai ke nan. Namu mai aikawa matakai huɗu yake bukata.

A matakin jira, layi yana 1, ana sauraron umarnin aikawa. Da umarnin ya zo, sai a kwafe bayit ɗin a ajiye, a wuce matakin farawa. A nan layi yana 0 har lokacin bit ɗaya ya cika. Sai matakin saƙo, inda ake fitar da bit ɗin da aka ajiye ɗaya bayan ɗaya, kowanne da cikakken lokacinsa, har takwas. Sai matakin rufewa, layi ya koma 1 na tsawon bit ɗaya, daga nan a koma jira.

Lissafin lokaci

Mu ɗauki allo na gaske, Basys 3 na kamfanin Digilent, wanda ɗalibai suke koyo da shi a ƙasashe da yawa. Agogonsa yana bugawa sau miliyan 100 a daƙiƙa, wato bugu ɗaya a kowane nanosakan 10. Muna so mu yi magana da kwamfuta a gudun bit 115,200 a daƙiƙa, ɗaya daga cikin gudun da aka fi amfani da su. Tambayar ita ce, bugun agogo nawa ne zai cika bit ɗaya?

Raba 100,000,000 da 115,200, za ka sami 868 da ɗan burbushi, kusan 868.06. Na'ura ba ta ƙirga rabin bugu, don haka 868 za mu ɗauka. Kowane bit zai zauna a layi maikurosakan 8.68, harafi guda mai bit goma kuma maikurosakan 86.8. A daƙiƙa ɗaya ana iya tura bayit kusan 11,520.

Burbushin da muka yar fa, ba zai yi illa ba? Don amsa wannan sai mun duba yadda mai karɓa yake karatu. Da ya ga faɗuwar farawa, yakan ƙirga lokaci ya leƙa layin a tsakiyar kowane bit, nesa da gefunan da layin ke canzawa. Saboda haka yana da sararin rabin bit ta kowane gefe, a nan nanosakan 4,340. Amma kuskure yana taruwa: in kowane bit na mai aikawa ya gaza da ɗan kaɗan, gaɓar bit na biyu ta kauce ninki biyu, ta uku ninki uku, har zuwa bit na tsayawa. A lissafinmu, gazawar kowane bit ba ta kai nanosakan ɗaya ba, kuma bayan bit tara ba ta wuce nanosakan 5 ba. A cikin sararin 4,340 wannan ba komai ba ne. Daɗin daɗawa, harafi na gaba yana zuwa da sabuwar faɗuwar farawa, sai ƙidaya ta faro daga sifiri, kuskuren baya ya goge.

Lamarin yana canzawa in agogon mai nawa ne. Da a ce sau miliyan ɗaya kawai yake bugawa a daƙiƙa, rabon zai ba da 8.68, dole a ɗauki 9. Kowane bit ya yi tsawo da kusan kashi 3.7 cikin 100, kuma kafin a kai bit na tsayawa an cinye kusan kashi biyu cikin uku na sararin. In agogon mai karɓa shi ma ya ɗan kauce ta ɗaya gefen, saƙo ya lalace. A takarda, bambancin da tsarin zai iya jurewa tsakanin ɓangarorin biyu bai wuce kusan kashi 5 cikin 100 ba, shi ya sa masu ƙira suke ƙoƙarin kada nasu ɓangaren ya wuce kashi 2.

Rubuta shi da Verilog

Abubuwa huɗu da'irar za ta riƙa tunawa: matakin da take, bugu nawa aka ƙirga a cikin bit na yanzu, bit na nawa ake fitarwa, da bayit ɗin kansa.

```verilog
localparam TSAWO = 868;
localparam JIRA = 0, FARA = 1, SAKO = 2, RUFE = 3;
reg [1:0] mataki = JIRA;
reg [9:0] lokaci = 0;
reg [2:0] lamba  = 0;
reg [7:0] ajiya  = 0;
wire cika = (lokaci == TSAWO - 1);
```

Faɗin kowace ma'ajiya yana da dalili. Bit biyu sun isa bambanta matakai huɗu. Bit uku suna ƙirga daga 0 zuwa 7. Bit goma suna kaiwa 1,023, wanda ya ɗara 868. Alamar `cika` tana tashi ne a kan 867, domin ƙidayar daga sifiri take farawa, kuma daga 0 zuwa 867 bugu 868 ne cif.

Ga zuciyar aikin:

```verilog
always @(posedge clk) begin
  lokaci <= (mataki == JIRA || cika) ? 0 : lokaci + 1;
  case (mataki)
    JIRA: begin tx <= 1;
      if (aika) begin ajiya <= bayit; mataki <= FARA; end end
    FARA: begin tx <= 0;
      if (cika) mataki <= SAKO; end
    SAKO: begin tx <= ajiya[lamba];
      if (cika) begin lamba <= lamba + 1;
        if (lamba == 7) mataki <= RUFE; end end
    RUFE: begin tx <= 1;
      if (cika) mataki <= JIRA; end
  endcase
end
assign busy = (mataki != JIRA);
```

Layin farko yana cewa duk abin da ke ƙasa a daidai bugun agogo yake faruwa. Na biyu shi ne mai ƙidayar lokaci: yana zaune a sifiri muddin ana jira, yana kuma komawa sifiri duk sa'ad da bit ya cika. Riƙe shi a sifiri lokacin jira ba ƙawa ba ce. In aka bar shi yana ta juyawa da kansa, umarnin aikawa zai iya riskarsa a kan 800, bit na farawa ya zama bugu 68 kacal maimakon 868, mai karɓa ya ɗauke shi hayaniyar layi ko ya karanta komai a karkace.

Yanzu mu bi K ta ciki. Ana sa `01001011` a kan `bayit`, a ɗaga `aika` na bugu ɗaya. A bugun nan `ajiya` ta kwafe lambar, mataki ya koma `FARA`. A bugu na gaba `tx`, wato ƙafar da ke fitar da saƙo, ta sauka 0, ta zauna haka bugu 868. Sai `SAKO` ya karɓa da `lamba` tana sifiri, ya fitar da bit na ƙarshen dama, wato 1. Bayan bugu 868 `lamba` ta zama 1, aka sake fitar da 1, shi ya sa layin zai zauna sama na tsawon bit biyu ba tare da wata alama a tsakaninsu ba. Haka ake ci gaba: 0, 1, 0, 0, 1, 0. Da bit na takwas ya cika, mataki ya wuce `RUFE`, ita kuma `lamba` ta koma sifiri da kanta, domin ma'ajiya mai bit uku ba ta da wurin 8. Layi ya hau 1, ya cika lokacinsa, aka koma jira.

Abubuwa biyu a wannan rubutu sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko shi ne kwafe bayit ɗin zuwa `ajiya`. Aika harafi ɗaya yana cin bugu 8,680, kuma a wannan tsawon lokaci sauran sassan FPGA ba barci suke ba. A ce ba a kwafe ba, ana karantawa kai tsaye daga `bayit`, sai wani sashe ya canza shi daga K zuwa ƙaramin a, mai lamba `01100001`, bayan bit huɗu sun fita. Rabin dama na K ya riga ya tafi, rabin hagu na a ya biyo baya, kwamfuta ta haɗa su ta sami `01101011`, ta nuna ƙaramin k. Harafi ne mai kyau, ba wani ƙorafi daga mai karɓa, amma ba wanda ya aiko shi.

Na biyu shi ne yadda `tx` take fitowa daga ƙwayar ajiya, tana canzawa a bugun agogo kaɗai. In aka haɗa ta kai tsaye da sassan da ke zaɓen bit, tana iya yin ɗan tsalle na 'yan nanosakan yayin da mataki ke sauyawa, saboda siginonin ciki ba sa isowa tare. Ƙwayar ajiyar tana jinkirta komai da bugu ɗaya, amma tunda jinkirin ya shafi dukkan bit daidai wa daida, tsawonsu bai canza ba. A kuma tabbatar `tx` ta fara da 1 tun daga kunna allo, in ba haka ba kwamfuta tana iya ganin farawar ƙarya ta nuna baƙon harafi kafin a aika komai.

Harafi fiye da ɗaya

Alamar `busy` ita ce ke gaya wa sauran sassa cewa ana kan aiki, a dakata. Duk umarnin da ya zo a wajen matakin jira, da'irar ba ta ko kallonsa, bayit ɗin ya salwanta.

Mai rubuta Hausa zai ci karo da wannan da wuri. Haruffa masu lanƙwasa ba sa cikin ASCII. A tsarin UTF-8, ƙaramin ƙ bayit biyu ne, `C6` da `99`, don haka sai an aika sau biyu a jere kafin ya bayyana. In na biyun ya ɓata, allon kwamfuta zai nuna alamar tambaya ko akwati a gurbinsa.

Akwai tarko a nan da ke kama mutane da yawa. Sashen da ke ciyar da haruffa ya ga `busy` tana ƙasa, ya ɗaga `aika`. Amma mai aikawa ba zai ga umarnin ba sai a bugu na gaba, kuma a daidai wannan bugun `busy` ba ta riga ta tashi ba. Mai ciyarwa ya sake dubawa, ya ga hanya a buɗe, ya miƙa bayit na biyu, wanda zai iso bayan an bar matakin jira. Alamar wannan cuta ita ce harafi ɗaya ya fito, na bayansa ya ɓace, na uku ya fito, na huɗu ya ɓace. Maganinta shi ne mai ciyarwa ya duba abu biyu kafin ya miƙa sabon bayit, wato `!busy && !aika`.

Haka nan in aka haɗa `aika` kai tsaye da maɓallin da ake dannawa da yatsa. Dannawar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ta isa a tura K fiye da sau dubu. Dole a sa da'irar da za ta gano lokacin da maɓallin ya tashi daga 0 zuwa 1 ta ba da umarni na bugu ɗaya tak, a kuma tace rawar da ƙarfen maɓalli yake yi a farkon taɓawa.

Daga rubutu zuwa allo

Kafin a taɓa allo, a fara da gwajin kwaikwayo. A nan ana rage `TSAWO` zuwa ƙaramar lamba kamar 4 don zanen siginar ya shiga allo ɗaya, a ƙirga bit goma da ido. Bayan haka sai a gaya wa manhajar Vivado ƙafar da `tx` za ta fita. A Basys 3 akwai guntun da ke mayar da UART zuwa USB, kuma ƙafar FPGA da ke aika masa ita ce A18:

```
set_property PACKAGE_PIN A18 [get_ports tx]
set_property IOSTANDARD LVCMOS33 [get_ports tx]
```

A kwamfuta sai a buɗe manhaja irin PuTTY, a zaɓi `Serial`, a sa `115200` da `8N1`, a kashe `Flow control`.

In da wata na'ura ta waje za a haɗa, akwai ƙa'idoji uku. Ƙafar TX ta wannan tana zuwa RX ta wancan. Dole a haɗa GND na ɓangarorin biyu, domin sama da ƙasa ba su da ma'ana in ba a auna su daga wuri ɗaya ba. Sannan kada a haɗa FPGA kai tsaye da tsohuwar mahaɗar RS-232 mai ƙafa tara. FPGA da bolt 3.3 yake aiki, ita kuwa tana iya kaiwa bolt 15 sama ko ƙasa da sifiri, kuma a juye take, 1 a wurinta shi ne na ƙasa da sifiri. Sai an sa guntu irin MAX3232 a tsakani, in ba haka ba ƙafar tana iya ƙonewa.

Karanta alamun matsala

Harafin gwaji mafi amfani shi ne babban U, mai lamba `01010101`. In aka haɗa shi da bit na farawa da na tsayawa, layin yana sauyawa a kowane bit: 0, 1, 0, 1 har goma. A kan osiloskof, na'urar da ke zana hawa da saukar lantarki, ana iya auna faɗin kowane tudu kai tsaye. In ya ba da maikurosakan 8.68, lokaci ya yi daidai. In ya ba da 4.34, an yi lissafi da agogon miliyan 50 alhali na allon miliyan 100 ne, abin da ke yawan faruwa in an kwafo rubutu daga wani allo.

Idan K ya fito a matsayin wani baƙon harafi, kuma kullum shi ɗin ne ba ya canzawa, a duba jerin bit. Wanda ya fara aikawa daga hagu, kwamfuta za ta karanta `11010010`, wato 210 maimakon 75. Idan kuwa shirme ne mai canzawa, a fara zargin gudu. Harafin da aka aika a 115,200 gaba ɗayansa maikurosakan 86.8 ne, bai ma kai tsawon bit ɗaya na mai sauraro a 9,600 ba, wanda yake kusan 104.

Sauya gudu ma yana da nasa tarkon. Don komawa 9,600, `TSAWO` zai zama 10,417. In aka manta aka bar `lokaci` da bit goma, ƙidayar za ta kai 1,023 ta koma sifiri, ba za ta taɓa isa inda `cika` ke tashi ba. Da'irar ta maƙale a matakin farawa, layi ya zauna 0, `busy` ta ƙi sauka. Fitila ɗaya da aka haɗa da `busy` za ta tona wannan nan take. Ana bukatar bit 14, waɗanda ke kaiwa 16,383.

Iyakar wannan tsari a fili take. Cikin kowane bit goma, biyu ba saƙo ba ne, wato kashi 20 cikin 100 na lokacin layi yana tafiya a farawa da tsayawa. Mai aikawa kuma ba shi da hanyar sanin ko saƙonsa ya isa lafiya. Wanda yake son ƙarin kariya yana iya sa mataki na biyar tsakanin `SAKO` da `RUFE`, mai fitar da bit na tantancewa, wanda ke nuna ko adadin 1 a cikin bayit cika ne ko mara. Wannan yana kama kuskuren bit ɗaya, amma in biyu suka juye tare ba ya gani.

Ga mai son gwadawa, ya bi wannan jeri: gwajin kwaikwayo tukuna, sannan U don tabbatar da lokaci, sannan K don tabbatar da jerin bit, daga ƙarshe ƙ don tabbatar da cewa bayit biyu suna bin juna ba tare da ɗaya ya ɓata ba. In ukun nan suka fito daidai a allon kwamfuta, mai aikawa ya kammalu, sai a juya ga gina mai karɓa, wanda ya fi wuya domin shi ne zai nemo tsakiyar kowane bit da agogon da ba na mai aikawa ba.